Gangarar Rufin Kwano da Lafin: Yadda Za Ka Yi Lissafin da Zai Hana Ɗakinka Yoyo

A daminar farko da Baffana ya tare a sabon gidansa a Zariya, ruwan wani dare na watan Agusta ya tashe su da misalin ƙarfe biyu. Da na je da safe na tarar da robobi biyar a jere a tsakar ɗaki, daga bango zuwa bango, kamar an ja musu igiya, Inna kuma ta jingine katifa a jikin garu tana jiran rana. Kwanon sabo ne fil, ko wata huɗu bai yi ba, babu huda, babu tsatsa. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai da ka san aikin nan, faɗa mini, kwanon ne jabu ko kuwa?" Na ce, "Baffa, bari in hau in gani tukuna."

Jerin robobin nan ya riga ya ba ni amsa tun kafin in taka tsani. Suna daidai ƙarƙashin inda kwanon sama ya hau kan na ƙasa. Faɗin ɗakin ƙafa 20 ne, rufin mai gangara biyu, tsakiyarsa kuma ta ɗaga da inci 20 kacal. Tsawon kowane ɓari daga ƙoƙuwa zuwa baki ya kama ƙafa 11 da inci 8, sai kafintan ya ga kwano biyu masu ƙafa 6 za su rufe, ya bar inci 4 a matsayin haɗi. Ya yi wa Baffa tattalin layin kwano guda, ya jawo masa asarar silin da katifa. Abin ya yi mini ciwo, domin kuɗin fansho ne aka zuba a ginin nan.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, gangarar rufi da yawan hawan da kwano ke yi wa ɗan'uwansa, wanda kafintoci ke kira lafin, lissafi ɗaya ne. Ba a yanke ɗaya a bar ɗaya. In ka kwantar da rufi dole ka ƙara lafin, in kuma kana so ka rage lafin dole ka ɗaga rufi.

Me ke sa ruwa ya koma baya

Mutane da yawa suna auna haɗarin yoyo da yawan ruwan shekara. Sai ka ji ana cewa ai nan Kano ko Maraɗi ba Kalaba ba ce, ba sai an ɗaga rufi ba. Gaskiya ne Kalaba na samun ruwan da ya kusa milimita 3000 a shekara, Kano kuma ba ta cika kai 1000 ba. Amma rufi bai san lissafin shekara ba, abin da ya sani shi ne minti goma sha biyar ɗin da ruwa ya fi tsananta. Ruwanmu na arewa a dunƙule yake zuwa, hadari ya haɗo daga gabas, iska mai ƙarfi da ƙura ta riga shi isowa, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Mu ɗauka ruwa yana sauka da ƙarfin milimita 100 a awa, rufinka kuma mita 8 ne da mita 10. Lita 8000 ke nan a awa, wato duro 40, ko kuma sama da lita 130 a kowane minti. Duk wannan ruwan ta cikin ƴan kwarin kwanon nan zai bi, waɗanda zurfinsu bai kai inci ɗaya ba. Kwano kamar gonar da aka yi wa huɗa yake, akwai kunya akwai kwari. In gangara ta yi kyau ruwan yana gudu, bai samun damar taruwa. In rufin a kwance yake, tafiyarsa a hankali ce, sai ya yi zurfi, musamman can ƙasa kusa da baki inda ruwan sama duka ya haɗu, har ya cika kwarin ya tsallaka kunya ya faɗa ta haɗin gefe.

A haɗin da kwanon sama ya hau na ƙasa kuwa abu biyu ne ke aiki. Na farko tsotso: duk inda faranti biyu suka manne da ɗan siririn tsakani, ruwa yana bin tsakanin ya hau, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ƙurar hunturu da ke shiga ta kwanta a haɗin tana ƙara wa tsotson ƙarfi, shi ya sa za ka ga rufin da bai yi yoyo a shekarar farko ba ya fara a ta uku. Na biyu iska ce. Iska mai gudun kilomita 70 a awa tana da ƙarfin da zai iya tura ruwa sama ya kai kusan inci 1 a tsaye. In ta kai kilomita 100, turawar ta kusa inci 2.

To, abin tambaya a kowane haɗi shi ne: in ruwa zai shiga ɗaki ta nan, tsayin inci nawa zai hau a tsaye kafin ya kai ƙarshen kwanon ƙasa? A rufin Baffa, inci 4 na lafin a kan waccan gangara bai kai tsayin inci 1 ba, kusan kashi biyu cikin uku na inci ne. Iskar da ke gaban hadari ta fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Ni ma'aunin da nake aiki da shi shi ne ruwan ya zama sai ya hau kimanin inci 2.

Mataki na farko: san gangarar da harshen tef

Injiniya zai ce maka digiri kaza, amma kafinta da tef yake aiki, saboda haka ka yi magana da shi da ƙafa da inci. Gangara ita ce yawan ɗagawar rufi a kowace ƙafa ɗaya ta tafiyar kwance. Inci 1 a ƙafa ya kusa digiri 5. Inci 2 a ƙafa digiri 9 da rabi ne, irin na Baffa ke nan. Inci 3 digiri 14, inci 4 digiri 18 da ɗoriya, inci 5 digiri 22 da rabi, inci 7 kuma digiri 30. In ɗagawa ta yi daidai da tafiya, ƙafa a ƙafa, digiri 45 ke nan.

In rufin yana nan a gine kana son sanin gangararsa, shiga cikin silin da lebul ɗin magina da tef. Ɗora kan lebul a jikin rafta, wato katakon da ya gangaro daga ƙoƙuwa zuwa bango, ka daidaita shi a kwance har ƙwayar ruwan ta tsaya tsakiya, ka auna inci 12 a jikinsa, daga nan ka auna tsaye zuwa raftar. Abin da ka samu shi ne gangararka.

Mataki na biyu: dubi irin kwanon kafin ka yanke tsayi

Kwanon bandir, mai tsawon ƙafa 6 da ake sayarwa guda 20 a ɗauri, shi ya fi kowanne buƙatar gangara, don kwarinsa ba zurfi kuma dole a yi ta haɗa shi. Shawarata a kansa inci 4 zuwa 6 a ƙafa. Inci 3 shi ne ƙarshen abin da zan yarda da shi, shi ma sai an ƙara lafin. Ƙasa da inci 2 kuwa, ko wa ya rantse maka, kada ka yarda.

Dogon kwanon alminiyam da ake yanka maka a kamfani daidai tsawon rufinka ya fi haƙuri. Kunyarsa ta fi tsayi, kwarinsa ya fi faɗi, kuma in falle ɗaya ya tashi daga ƙoƙuwa har baki, babu haɗin tsakiya ko ɗaya. Masu ƙera shi kan yarda da digiri 5 ko ƙasa da haka, amma a kan ginin ƙarfe mai miƙewa sambal suke wannan magana. Namu katakon sau da yawa ɗanye ake buga shi, yana bushewa yana lanƙwasa, kuma lanƙwasa a rufin da gangararsa inci 1 ce tana iya mayar da wurin tafki. Saboda haka ko da dogon kwano ne, ka ba shi inci 2 zuwa 3. Kwano mai yashi a baya, mai siffar tayil, gajeru ne fallayensa, haɗi a kowane layi, ga kaushin da ke rage wa ruwa gudu. Kada ka saukar da shi ƙasa da digiri 15, in son samu ne ma 20 zuwa sama.

Akwai kuma iyaka ta sama. Yayin dogon rufi mai kama da hular sarauta ya cika Abuja da Kaduna, har ya shigo unguwanninmu. Ta fuskar yoyo ba ya ƙara maka komai bayan digiri 30. Rufin digiri 45 yana cin kwano fiye da shimfiɗar ginin da kashi 41 cikin 100, na digiri 30 kashi 15, na inci 5 a ƙafa kuma kashi 8 kawai. Ga katako, ga faɗin jikin da iska za ta daka, ga ruwan da ke saukowa da gudu ya tsallake makwarara. Jinkar kakanninmu ta yi tsini ne don ciyawa sai da tsini take zubar da ruwa, ƙarfe bai buƙatar haka. Ta ɓangaren iska ma tsaka-tsakin ya fi: rufin da ke kwance shi iska ta fi tsotsa sama ta yaye, na digiri 20 zuwa 30 ya fi zama daram, balle in mai gangara huɗu ne.

Mataki na uku: lissafin gida ɗaya daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki gini mai faɗin ƙafa 24 da tsawon ƙafa 40, rufi mai gangara biyu, kwanon bandir. Raba faɗin biyu, ka samu ƙafa 12, ita ce tafiyar kwance ta kowane ɓari. Mun zaɓi inci 5 a ƙafa. Sau 12 ke nan, inci 60, wato ginshiƙin tsakiya da kafintoci ke kira kimfos zai tashi ƙafa 5 daga kan katakon da ya ratsa ɗakin. Tsawon rafta daga ƙoƙuwa zuwa kan bango zai zama ƙafa 13 cif. Ƙara ƙafa 2 na baki domin ya kare bango daga feshi, ya zama 15. Kada bakin ya wuce haka sosai, don ta ƙarƙashinsa iska ke samun wurin kama rufi.

Kwano biyu ba za su rufe ƙafa 15 ba, sai uku. A nan ne za ka ga abin da masu gini da yawa ba su lura da shi ba. Da a ce ka bi maganar mai cewa a yi kimfos ƙafa 2 don a rage kashe kuɗi, raftar za ta zama ƙafa 12 da inci 2, da baki ta zama 14 da ƴan kai. Kwano uku dai za ka saya. Ɗaga rufin daga ƙafa 2 zuwa 5 bai ƙara maka falle ko ɗaya ba, abin da ya ƙaru ɗan katako ne da bulon cike kusurwar bango a gefe biyu. Kullum ka yi wannan lissafin a takarda kafin ka yarda cewa gangara tsada ce.

Tunda kwano uku ƙafa 18 ne, muna da rarar ƙafa 3, babu dalilin rowa. Ba kowane haɗi inci 9. Kwanon ƙasa zai kama daga baki zuwa ƙafa 6. Na biyu zai fara a ƙafa 5 da inci 3 ya ƙare a 11 da inci 3. Na uku zai fara a ƙafa 10 da rabi ya kai ƙoƙuwa, saboda haka za a yanke shi ya zama ƙafa 4 da rabi. A wannan gangara, inci 9 na nufin ruwa sai ya hau kusan inci 3 da rabi a tsaye. Ko inci 6 ka ba shi ya haura inci 2, ya wadatar. Guntayen da aka yanke kada ka bari yara su kwashe, suna da amfani a gyara.

Ga yadda ma'aunin yake a sauran gangarori, don ka riƙe a ka. A inci 4 zuwa sama, lafin inci 6 ya isa, 7 ya fi kwanciyar hankali. A inci 3, ba shi inci 8 zuwa 9. A inci 2, sai ƙafa guda cur, kuma a sa tef ɗin roba mai danƙo a tsakanin kwanon biyu. A inci 1 kuwa lissafin zai ce maka ƙafa 2, wato kashi ɗaya cikin uku na kowane falle ya tafi a haɗi, kuma duk da haka kwarin zai cika ya zuba ta gefe. Wannan rufin na dogon kwano ne kawai.

Sai ka faɗa wa kafinta wuraren haɗin tun kafin ya buga folin, wato katakon kwance da ake kafa kwano a kansa. Dole tsakiyar kowane haɗi ta zauna a kan folin, ƙusa ta ratsa kwanon biyu ta matse su. A gidan misalinmu, folin na haɗin farko yana ƙafa 5 da inci 7 da rabi daga bakin kwano, na biyu yana ƙafa 10 da inci 10 da rabi, sai a sa ɗaya a tsakanin kowane biyu, tazarar ta zama ƙasa da ƙafa 3. Abin da ya fi faruwa shi ne kafinta ya jera folin da ido, sannan ya tilasta wa kwano ya bi katako. Haɗin da ke rataye babu katako a ƙarƙashinsa buɗe baki yake yi duk lokacin da iska ta buso.

Mataki na huɗu: lafin gefe da inda za a fara jeri

A gefe, ƙa'idar ita ce kunya ɗaya da rabi. Gefen kwanon da ke ƙasa ya ƙare yana kallon sama, gefen na sama ya tsallake kunya ya ƙare yana kallon ƙasa a cikin kwari. Ta haka ruwan da ya kutsa zai tarar da wani ɗan kwari a ɓoye wanda zai kai shi baki. Wani kwanon gefensa biyu iri ɗaya suke ƙarewa, shi sai ka ba shi kunya biyu. Haka ma in gangararka ba ta kai inci 3 ba, ko gidan yana fili babu abin da ke tare masa iska.

Faɗin kwanon kasuwa ya bambanta, don haka ka haɗa falle biyu a ƙasa yadda za su zauna a sama, ka auna abin da kowane ɗaya ke rufewa. Mu ce ka samu ƙafa 2. Tsawon ginin 40, da ƙafa ɗaya da rabi na fita a kowane gefe, 43. Falle 22 a layi, layi 3, ɓari 2, jimla 132. Bandir 7 ke nan da rarar falle 8. Yanzu dubi ribar mai rage lafin zuwa kunya ɗaya: yana samun ƙarin inci ɗaya da rabi a kowane falle, layi ya koma 21, gaba ɗaya ya tsira da falle 6. Falle 6 cikin 132, a madadin haɗi sama da ɗari da kowannensu zai iya zuba. In kwangilar jimla ka ba kafinta, shi zai sayo kaya, to ka tsaya a wurin ranar jeri, ko ka sa wanda ka yarda da shi.

Alkiblar jeri ma tana da tasiri. Tunda a ƙasar Hausa hadari mai iska daga gabas ya fi tasowa, bakin haɗin gefe ya kamata ya kalli yamma. Yadda ake samun haka shi ne a fara jeri daga ƙarshen yamma a nufi gabas, kowane sabon falle ya hau kan wanda ya riga shi. Wannan in ƙoƙuwar rufin ta miƙe daga gabas zuwa yamma ke nan. In kudu da arewa ta miƙe, to ɓari guda yana fuskantar gabas kai tsaye, iska za ta riƙa tura ruwa sama cikin haɗin tsakiya, sai ka ƙara wa wannan ɓarin inci 2 ko 3 a kan na ɗan'uwansa. In garinku tsakanin duwatsu yake ko iskarku ta saba da wata hanya, tambayi tsofaffin unguwa ko ka dubi bangon da ruwa ya fi ci a gidajen ƙasa na kusa.

Ƙusa a kan kunya ake buga ta, ba a cikin kwari ba, da hularta da robarta, a miƙe. A tsaya da zarar robar ta zauna, don bugun da ya lotsa kunyar yana yi wa ruwa ɗan gurbi a gindin ƙusa. A can ƙoƙuwa kuma, kafin a ɗora murfi, a sa filaya a tanƙwara ƙarshen kowane kwari sama. Aikin rabin awa ne, amma shi ke tare ruwan da iska ke korowa sama. Murfin ya rufe aƙalla inci 6 a kowane ɓari.

Rufin da ke ɓoye a bayan bango

Dole in tsaya a kan wannan, don shi ya fi yawa a Kano da Katsina da Zinder, kuma shi ya fi yoyo. Mun gaji siffar soro, muna son bango ya tashi ya ɓoye kwano, kuma akwai hikima a ciki, domin bangon yana kare gefen kwano daga iska. Matsalar ita ce rufin gangara ɗaya ne, tafiyarsa faɗin ɗakin gaba ɗaya, ba rabi ba. Ɗaki mai ƙafa 12 yana buƙatar bambancin ƙafa 3 tsakanin bangon baya da na gaba kafin ya samu inci 3 a ƙafa, kimanin layin bulo huɗu. Birkila kuwa layi ɗaya ko biyu yakan bari, don kada bangon ɓoyon ya yi tsawo ya ci bulo. Layi ɗaya a ƙafa 12 bai ma kai inci 1 a ƙafa ba.

In wannan siffar kake so, zaɓi biyu gare ka: ka biya kuɗin layin bulo huɗun da na bangon da zai ɓoye su, ko ka sayi dogon kwano falle ɗaya ba haɗi, shi ma ka ba shi inci 2 ɗin da muka ambata. Sannan ka kula da inda kwano ya haɗu da bango. Cusa kwano cikin filasta a shafe da siminti ba ya daɗewa, don ƙarfe yana miƙewa da rana yana komawa da dare, alminiyam mai tsawon mita 6 yana iya motsa rabin santimita tsakanin tsakar rana da asuba, simintin sai ya tsage. A tsaga bango a sa lanƙwasasshen falle wanda zai sauko ya rufe kan kwanon ba tare da ya riƙe shi ba. Makwararar da ke bayan bangon gaba ta zama mai faɗi da gangararta, indararo kuma ya fi ɗaya, da wata ƙofar ko-ta-kwana a ɗan sama da su. Leda ɗaya ko ganyen darbejiya ya isa ya toshe indararo, in ya toshe kuma ruwan ba shi da wurin zuwa sai cikin ɗaki. A share su kafin ruwan farko.

In rufin ya riga ya fara zuba

Yoyo yana faɗin asalinsa in ka lura da shi. Ɗigon da ya jeru a layi ɗaya a kwance, kamar robobin Inna, haɗin tsakiya ne. Wanda ya bi layi daga sama zuwa ƙasa, ya fi tsananta kusa da baki kuma sai ruwa ya yi ƙarfi yake fitowa, haɗin gefe ne. Ɗigo nan da can a kowane irin ruwa, ko yayyafi ne, ƙusa ce. Wanda ba ya zuwa sai da iska, dubi lafin da murfin ƙoƙuwa. Wanda ke ci gaba bayan an ɗauke ruwa, katako ya lotsa ruwa ya kwanta, in ka hau za ka ga da'irar busasshen laka a wurin. Ɗigon sanyin asuba ba tare da an yi ruwa ba kuwa gumin kwano ne, iska ce ba ta ratsa cikin silin.

Tabon silin ba lallai ya zama daidai ƙarƙashin ɓarakar ba, don ruwa yakan bi rafta ya gangara kafin ya ɗiga. Don tabbatarwa, mutum ɗaya ya shiga silin da tocila, ɗaya ya hau da tiyo ko bokiti, a fara zuba ruwa daga ƙasa ana hawa sama layi-layi. In aka fara daga sama, ko'ina zai jiƙe a rasa gane wurin. Mai hawa ya taka kan layin ƙusa kawai, kada ya hau jiƙaƙƙen kwano, kuma ya nisanci wayar lantarki.

Kuskuren da aka fi yi wajen gyara shi ne shafe bakin haɗi daga waje da kwalta ko siminti. Ruwan da ya shigo ta haɗin gefe ko ta ƙusar sama, wanda da zai fita ta wannan bakin, sai ya tarar an rufe, ya taru ya koma ciki, tsatsa kuma ta fara cin kwanon daga tsakani. In za a sa abin toshiya, tsakanin kwanon biyu ake sa shi, a kan layin ƙusa.

A gidan Baffa ba mu da kuɗin tayar da rufi, don haka muka tsawaita lafin. Muka sayo kwano irin nasa sak, muka yanka shi ƙafa bibbiyu. Muka zare ƙusoshin layin haɗin da barejin ƙusa, da ɗan katako a ƙarƙashinsa don kada kunya ta lotsa, muka share ƙurar da ta daskare a ciki. Kowane guntu muka zura shi ƙarƙashin kwanon sama da inci 14, muka bar inci 10 suka kwanta a kan na ƙasa. Haɗin inci 4 ya zama haɗi biyu, kowanne inci 14, wanda a gangarar inci 2 ya haura tsayin inci 2 da muke nema. Muka ƙara folin ɗaya daga ciki a ƙarƙashin bakin guntayen don su samu abin kamawa, muka mayar da sababbin ƙusoshi masu roba ta tsofaffin hudojin, muka tanƙwara kwarin ƙoƙuwa. Yini biyu aikin ya ci da ni da yaro ɗaya. Da aka yi ruwa na gaba Baffa bai kwanta ba, ya zauna da tocila yana haska silin har aka ɗauke, da gari ya waye ya aiko a ce mini in zo in ci tuwo, Inna ta mayar da robobinta madafi.